Layi biyu a zanen binciken likitoci: me ratar da ke tsakaninsu ke nufi?

A shekarar 2010 mujallar Lancet ta wallafa sakamakon binciken AQUAMAT, wanda aka gudanar a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Yara 5,425 masu fama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa rabi allurar atesunet, rabi kuma kwinin. Irin wannan sakamako akan nuna shi da zanen da Kaplan da Meier suka fito da shi a 1958, kuma karanta shi ba sai likita ba.

Gefen ƙasa na zanen lokaci yake nunawa, daga ranar da aka fara magani. Gefen hagu kuwa kason waɗanda ke raye ne. Kowane rukuni yana da layinsa, kuma duka biyun suna farawa daga sama, a kan kashi 100, tunda kowa na da rai a ranar farko. Duk sanda wani ya rasu sai layin rukuninsa ya sauko mataki ɗaya, shi ya sa yake kama da matakalar bene. Layin da ke sama shi ne rukunin da mutane suka fi tsira.

Don auna ratar, zaɓi lokaci guda a ƙasa, ka miƙe sama har ka taɓa layukan biyu, sannan ka karanta adadin kowanne a hagu. A wannan bincike, kashi 8.5 na yaran da aka yi wa atesunet sun rasu, na kwinin kuma kashi 10.9. Ratar ke nan 2.4. Wato a cikin yara 1,000 masu irin wannan ciwo, kimanin 24 ne za su rayu albarkacin sauya maganin.

Rahotanni sukan ce mace-mace sun ragu da kashi 22.5. Wannan ma gaskiya ne, sai dai an auna ragin ne da adadin waɗanda suka rasu a rukunin kwinin, ba da dukkan yaran ba. Mai karatu ya riƙa tambayar wanne daga cikin lissafin biyu ake ba shi.

Ido ma yana iya ruɗuwa. Wasu zanuka ba sa fara gefen hagu daga sifili, sai ƙaramar rata ta bayyana da girma. Ƙarshen layi ta dama kuma ba abin dogaro ba ne sosai a binciken da ya ɗauki shekaru, domin mutanen da ake bibiya sun ragu, mutuwar mutum ɗaya tana iya jawo layin ƙasa da yawa. Duba lambobin da ake jerawa a ƙarƙashin zanen, su ne ke faɗin mutum nawa suka rage.

Ratar tana magana ne a kan rukuni, ba ta yanke wa wani yaro hukunci. Kuma ƙuri'ar da aka raba yaran da ita ce ta ba mu damar cewa maganin ne ya haifar da bambancin. Inda ba a yi haka ba, mai yiwuwa rukuni ɗaya ya fi jin jiki tun farko.