Fom ɗin da ke buga wa mai shi ƙofa

A ce wata mai ɗinki ta buɗe fom a Google Forms domin karɓar aikin Sallah: suna, lambar waya, irin ɗinki, ranar karɓa. Masu saye suna cikewa, ita kuwa tana kan keke, ba ta sani ba sai ta tuna ta leƙa. Maganin wannan shi ne a ɗaura fom ɗin da manhajar saƙo, kuma ba sai an iya rubuta lambobin kwamfuta ba.

Da farko za ta haɗa fom ɗin da Google Sheets, ta yadda kowace amsa za ta sauka a sabon layi. Daga nan ta shiga Telegram ta nemo BotFather, ta tura masa `/newbot`. Zai ba ta wata doguwar lambar sirri, wadda duk wanda ya same ta zai iya aika saƙo da sunan bot ɗin, don haka a adana ta kamar makullin shago. Dole kuma ta danna Start a hirarta da bot ɗin, domin ba ya iya fara yi wa mutum magana. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Mai haɗa su shi ne Make, wanda a da ake kira Integromat. A ciki za ta ɗora akwati biyu. Na farko, Watch New Rows, yana gadin takardar. Na biyu yana tura saƙon zuwa Chat ID ɗinta, a jera masa sunan mai saye da lambarsa.

Sai dai akwai lissafin da ba a cika faɗa ba. Tsarin kyauta na Make yana ba da aiki 1,000 a wata, kuma kowace leƙawa ana ƙirga ta ko da ba a tarar da komai ba. Idan aka bar shi yana leƙawa duk minti 15, sau 96 ke nan a rana, kwana goma sha ɗaya ma ba zai cika ba kason ya ƙare, saƙo ya ɗauke ɗif ana tsakiyar azumi. A ganina gara a saita shi duk rabin awa, daga takwas na safe zuwa takwas na dare. Wannan zai ci kimanin 720, ya bar 280 na aika saƙonni.

Me ya hana WhatsApp, tunda can jama'a suke? Ana iya yi, amma sai an bi ta tsarin 'yan kasuwa na Meta, a rubuta samfurin saƙo su amince da shi tukuna.

Kafin ta sakankance, ta cike fom ɗin da kanta. Ta duba lambar wayar da kyau, domin Google Sheets kan cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803. Kada kuma ta riƙa goge layuka ko sake jera su a takardar amsoshin, domin da lambar layi Make ke gane inda ya tsaya.