Bashin Manhajar Waya: Yadda Kashi 15 Ke Zama Kashi 920 a Shekara

Manhajojin ba da bashi ta wayar salula suna bayar da ƙananan kuɗi na ɗan gajeren lokaci, ba tare da jingina ko mai tsayawa mutum ba. Mai nema yana shigar da lambar BVN da lambar asusunsa na banki, cikin 'yan mintuna kuɗi su shigo. Kuɗin ruwan da ake nunawa a fuskar waya yawanci adadi ne ƙarami, kamar kashi 10 ko 15 cikin 100. Sai dai wannan adadi na wa'adin bashin ne kawai, wanda zai iya zama mako ɗaya, mako biyu ko wata guda. Bankuna kuwa a kan shekara suke faɗin nasu kuɗin ruwan. Saboda haka ba a iya kwatanta biyun sai an mayar da su ma'auni ɗaya, wato abin da bashin zai ci idan ya shekara a hannun mutum. Misalin da ke tafe yana nuna yadda ake yin wannan lissafi da kuma abin da yake fitarwa.

A ɗauki wani saurayi mai teburin sayar da caja, abin jin sauti na kunne da murfin waya a bakin kasuwa. Jarinsa ya yi ƙasa, ga sari yana jiransa, sai ya nemi bashin Naira 20,000 a wata manhaja. Fuskar wayar ta nuna masa cewa kuɗin ruwa kashi 15 cikin 100 ne, wa'adi kwana 14, abin da zai biya Naira 23,000. A ganinsa Naira 3,000 ba ta kai abin tsayawa tunani ba, ya danna amincewa. Da saƙon banki ya shigo, Naira 17,000 ya gani, domin an cire Naira 3,000 tun daga tushe a ƙarƙashin wani layi da aka rubuta "Processing fee", wato ladan aikin tantance bashin. Ya yi sarinsa da abin da ya samu.

Ranar da wa'adi ya cika ya biya Naira 23,000. Biyan ya kwashe cinikin mako biyu har ya taɓa uwar kuɗi, don haka a ranar ya sake karɓar wani bashin bisa sharaɗin farko. Haka ya yi ta yi har sau shida, tsawon kwana 84. Kaya suna fita kullum, amma teburin sai raguwa yake yi. Wani yayansa da ke riƙe da littafin shago ya ce masa: "Ƙanena, bar kallon abin da manhaja ta rubuta. Buɗe saƙonnin banki, ka tara abin da ya shigo gefe guda, abin da ya fita gefe guda." Da aka tara, abin da ya shigo sau shida Naira 102,000 ne, abin da ya fita Naira 138,000. Bambancin, Naira 36,000, shi ne abin da ya biya don riƙe Naira 17,000 na ƙasa da wata uku. Ya biya fiye da ninki biyu na kuɗin da ke hannunsa, kuma bai taɓa saɓa wa'adi ko sau ɗaya ba.

Lissafin shekara yana da matakai uku. Na farko shi ne gano ainihin tsadar bashin: a cire abin da ya shigo asusu daga jimillar abin da aka biya. A nan, Naira 23,000 a cire Naira 17,000, saura Naira 6,000. Duk sunan da aka ba wani ɓangare na kuɗin, ko kuɗin ruwa ko ladan aiki ko inshora, daga aljihu ɗaya ya fita, don haka a wuri ɗaya ake lissafa shi. Mataki na biyu shi ne raba wannan tsada da kuɗin da mutum ya karɓa a hannu, ba da adadin da aka rubuta cewa an ba shi ba. Naira 6,000 a raba da Naira 17,000 ya ba da kusan kashi 35 cikin 100. Tun a nan kashi 15 ya riga ya haura ninki biyu. Mataki na uku shi ne duba sau nawa wa'adin zai shiga cikin shekara. Kwana 365 a raba da 14 ya ba da 26 da ɗan ɗoriya. Idan aka ninka kashi 35 da ɗoriyarsa sau 26 da ɗoriya, ana samun kusan kashi 920 cikin 100 a shekara. Wannan adadi shi ne abin da takardun bashi ke rubutawa da haruffan APR.

Ma'anar kashi 920 a fili take idan aka mayar da shi Naira. Da saurayin ya ci gaba da juya bashin shekara guda, zai biya Naira 6,000 sau 26, wato Naira 156,000, alhali abin da ke hannunsa bai taɓa wuce Naira 17,000 ba. Don kwatance, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024, kuma 'yan kasuwa sun yi ta kukan cewa bashin banki ya yi tsada. Bashin wannan saurayi ya ninka wancan ma'auni fiye da sau 30.

Akwai masu cewa lissafin shekara bai dace da bashin mako biyu ba, tunda wanda ya karɓa sau ɗaya ya biya, Naira 6,000 kaɗai ta fita daga hannunsa. Hakan gaskiya ne ga wanda ya tsaya a karo ɗaya. Amma lissafin yana da amfani ta fuska biyu. Shi ne kaɗai hanyar kwatanta bashin kwana 7 da na kwana 30 da na wata shida, kamar yadda ba a sanin hatsin wa ya fi araha sai an auna da mudu ɗaya. Sannan gajeren wa'adi shi kansa yana tura mutum ga maimaitawa, domin biyan dunƙulallen kuɗi a rana ɗaya yakan bar aljihu wayam, sai a koma a sake karɓa. Mai sana'a yana iya gwada wannan da ribarsa tun kafin ya karɓa. Idan kayan Naira 17,000 suna kawo ribar kashi 20 cikin 100 kuma sun ƙare cikin mako biyu, ribar Naira 3,400 ce, bashin kuma yana cin Naira 6,000. Gibin Naira 2,600 daga jari yake fita a kowane zagaye. Abin da ya sa teburin saurayin ke raguwa ke nan duk da ciniki na tafiya.

Bashin da ake biya kashi-kashi yana da tasa hanyar ɓoye tsada. A ce manhaja ta ba da Naira 60,000 na wata shida a kan kashi 10 cikin 100 duk wata, biyan kowane wata Naira 16,000: Naira 10,000 ta uwar kuɗi, Naira 6,000 ta ruwa. Da ganin farko za a ce kashi 120 ne a shekara. Amma ana lissafa ruwan ne a kan Naira 60,000 ɗin farko har ƙarshe, alhali bashin yana raguwa duk wata. A wata na shida Naira 10,000 kawai ake bin mutum, amma ruwan yana nan a Naira 6,000. Idan aka yi lissafi a kan abin da ya rage a hannu, ainihin ruwan ya ɗan haura kashi 15 a wata, wato kusan kashi 184 a shekara. Alamar irin wannan tsari ita ce kuɗin ruwa da ba ya sauka daga wata zuwa wata a jadawalin biya.

Tarar makara ita ce kashi na uku na tsadar, kuma yawanci kullum-kullum ake ɗora ta. Tarar kashi 2 cikin 100 a rana a kan Naira 23,000 tana nufin Naira 460 kowace safiya, wato Naira 4,600 cikin kwana goma. A wannan gaɓa ce wasu suke karɓa daga manhaja ta biyu don biyan ta farko, bashi ya zama biyu, kowanne da nasa ladan aikin da aka cire tun farko.

Dalilan da masu ba da bashin ke kafawa su ne rashin jingina, yawan waɗanda ba sa biya, da kuma cewa aikin tantance ƙaramin bashi bai fi na babba sauƙi ba. Waɗannan dalilai suna bayyana abin da ya sa bashin ya fi na banki tsada, amma ba su hana a faɗa wa mai karɓa tsadar a fili ba. A nan ne hukuma ta shigo. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashi a Legas bayan koke-koke kan tsawwala ruwa da tozarta mutane ta hanyar aika saƙo ga 'yan uwa da abokansu. A shekarar ta fitar da ƙa'idojin rajista, kuma tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince da su. Ƙa'idar kamfanin Google ta wajabta wa manhajojin bashi da ke rumbunsa su bayyana APR mafi girma da suke caji, ta kuma hana bashin da ake buƙatar a biya gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 ta hana su shiga jerin lambobin waya da hotunan mai amfani. Don haka manhajar da ke ba da wa'adin kwana 7 ko 14, ko take neman izinin ganin lambobin waya, ko ake saukar da ita ta hanyar saƙo maimakon rumbun manhajoji, ta riga ta nuna alamar tana aiki a wajen waɗannan ƙa'idoji.

Rajista da hukuma ba ta nufin bashi yana da araha, don haka lissafin yana kan mai karɓa. Adadi uku ake buƙata kafin a danna amincewa: nawa ne zai shigo asusu, nawa ne jimillar da za a biya, kuma cikin kwana nawa. Ana cire na farko daga na biyu, a raba sakamakon da na farko, a ninka da 365, a raba da yawan kwanakin, sannan a ninka da 100. Wannan hanya ta dace da bashin da ake biya lokaci ɗaya. Ga na kashi-kashi, adadin da take bayarwa ya gaza na gaskiya, domin ainihin ruwan yakan fi shi da kusan rabi ko fiye. Wanda ya riga ya shiga zagayen yana fita ne ta hanyar biyan bashin da ya fi tsada da kuɗin da ba na wata manhaja ba, kamar kwasar adashi, rancen ɗan uwa ko karɓar kaya bashi daga dila, sannan ya ƙi karɓar sabon tayin da ke biyo bayan kowane biya. Ga saurayin da ke cikin misalin, hakan yana nufin nemo Naira 23,000 sau ɗaya daga wani wuri, abin da zai tsayar da asarar Naira 6,000 duk mako biyu.