Yadda ake fito da hoton da ya dushe: lissafin daidaita histogiram da biro da takarda

Wanda ya taɓa ɗaukar hoton kaya a cikin shago mai ƙarancin haske, ko ya ɗauki hoto a ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ya san irin hoton da ake samu: komai ya zama ruwan toka, babu baƙi sosai, babu fari sosai. Manhajojin gyaran hoto irin su GIMP da Photoshop suna da umarni mai suna `Equalize` da ke gyara wannan cikin ƙiftawar ido. Abin da umarnin ke yi shi ake kira daidaita histogiram, kuma lissafinsa bai wuce ƙirga da tarawa da ninkawa ba. Za mu yi shi a nan da hannu a kan wani ɗan ƙaramin hoto, domin a ga abin da yake ƙarawa, a kuma ga abin da yake ɓatarwa, wanda ba kasafai ake faɗa ba.

A wurin kwamfuta, hoton baƙi da fari jerin ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da lambar da ke nuna haskensa. A hoto na yau da kullum lambobin suna farawa daga 0, wato baƙi ƙirin, su ƙare a 255, wato fari fat, matakai 256 ke nan. Wannan ya yi wa biro yawa, don haka namu hoton zai kasance da matakai 8 kawai, daga 0 zuwa 7, da ɗigo 20 da aka jera layi 4, kowane layi ɗigo 5:

```
3 3 4 5 6
3 3 4 5 5
2 3 3 4 4
2 2 3 3 4
```

Tun kafin a yi wani lissafi, ido zai lura cewa babu 0, babu 1, babu 7. Hoton yana da damar amfani da matakai takwas, amma ya cunkushe a tsakiya. Wannan ita ce ma'anar dushewa a harshen lamba.

Aikin farko shi ne ƙirga. Mataki na 2 ya fito sau 3, na 3 sau 8, na 4 sau 5, na 5 sau 3, na 6 kuma sau 1 tak. Wannan ƙidayar ita ce histogiram, ko an zana ta da sanduna ko an bar ta a jadawali. Ba ta damu da inda ɗigo yake a cikin hoton ba, yawansa kawai take dubawa. Kafin a ci gaba, a tara adadin a tabbata ya ba da 20. In bai ba da haka ba, an tsallake wani ɗigo, kuma duk abin da zai biyo baya zai karkace.

Aiki na biyu ɗan kasuwa ya riga ya san shi daga littafin ciniki. Idan yana rubuta cinikin kowace rana, sannan a gefe yana rubuta abin da ya taru daga farkon wata zuwa ranar, wannan shafi na gefe shi muke bukata. Za mu kira shi tarin jimilla. A mataki na 2 an tara 3. A na 3 an ƙara 8, ya zama 11. A na 4 ya zama 16, a na 5 ya zama 19, a na 6 ya cika 20. Kowace lamba a nan amsa ce ga tambaya guda: ɗigo nawa ne haskensu bai wuce wannan mataki ba?

Daga nan sai a raba tarin jimillar da yawan ɗigon hoton gaba ɗaya, a ninka da mataki mafi girma, wato 7, sannan a ɗauki cikakkiyar lambar da ta fi kusa. Idan `c` ce tarin jimilla, `N` yawan ɗigo, `L` kuma yawan matakai, ga yadda ake rubuta shi:

```
s = round((L - 1) * c / N)
```

Tun da 7 a raba da 20 ya ba da 0.35, ya isa a ninka kowane tarin jimilla da 0.35. Ga abin da ya fito:

| Tsohon mataki | Yawan ɗigo | Tarin jimilla | An ninka da 0.35 | Sabon mataki |
|---|---|---|---|---|
| 0 | 0 | 0 | 0 | 0 |
| 1 | 0 | 0 | 0 | 0 |
| 2 | 3 | 3 | 1.05 | 1 |
| 3 | 8 | 11 | 3.85 | 4 |
| 4 | 5 | 16 | 5.60 | 6 |
| 5 | 3 | 19 | 6.65 | 7 |
| 6 | 1 | 20 | 7.00 | 7 |
| 7 | 0 | 20 | 7.00 | 7 |

Dalilin wannan lissafi yana da sauƙin fahimta idan aka kwatanta da ɗaliban aji. A jera ɗigo 20 daga mafi duhu zuwa mafi haske, kamar yadda ake jera ɗalibai bisa maki. Ɗigon da ke mataki na 3 ya kai ko ya zarce 11 cikin 20 na 'yan ajinsa, wato kashi 55 cikin 100. To, sai a ba shi kashi 55 cikin 100 na cikakken haske, wanda shi ne 3.85, aka mayar da shi 4. Ashe ba tsohon makinsa ake dubawa ba, matsayinsa a cikin jeri ake dubawa.

Abin da ya rage shi ne a koma kan hoton a musanya lambobi: duk inda aka ga 2 a rubuta 1, 3 ya zama 4, 4 ya zama 6, 5 da 6 kuma su zama 7. A rubuta sabon hoton a wata takarda dabam. Wanda ya yi gyaran a kan tsohuwar yakan mayar da 3 zuwa 4, sannan ya manta ya sake mayar da wannan sabon 4 zuwa 6.

```
4 4 6 7 7
4 4 6 7 7
1 4 4 6 6
1 1 4 4 6
```

Yanzu a dubi ribar. A da, tazarar da ke tsakanin mafi duhu da mafi haske matakai 4 ce, daga 2 zuwa 6. Yanzu ta zama 6, daga 1 zuwa 7. Amma ba a raba wannan ƙari daidai wa daida ba, kuma a nan ne asirin hanyar yake. Tsakanin tsofaffin 2 da 3 mataki ɗaya ne, ya koma uku. Tsakanin 3 da 4 ya koma biyu. Tsakanin 4 da 5 bai canza ba. Tsakanin 5 da 6 kuwa ya shafe baki ɗaya. Girman tsallen da kowane mataki ya samu ya danganta ne da yawan ɗigon da ke cikinsa: mai ɗigo 8 ya yi babban tsalle, mai ɗigo 1 bai motsa daga maƙwabcinsa ba. Masu yawa ne suka kwashe fili.

A dubi kusurwar sama ta dama a hotunan biyu. A na farko akwai ɗigo ɗaya tilo, mai lamba 6, da ya fi kowa haske. A na biyu ya narke cikin maƙwabtansa, duk sun zama 7. Hoton ya shigo da matakai biyar, ya fita da huɗu. Kuma babu lissafin da zai dawo da wancan ɗigon, domin wanda aka miƙa wa sabon hoton ba shi da hanyar sanin wane 7 ne asalinsa 5, wane ne asalinsa 6. Idan wannan ɗigon ƙyallin ido ne ba komai. Idan kuwa shi ne ɗan siririn zanen da ke bambanta wata lamba da wata a kan takardar shaida, an yi asara. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ma'aikacin da ke adana hotunan takardu ya riƙa ajiye na asali, ya yi gyara a kan kwafi.

Sunan hanyar ma yana da ɗan ruɗi. Da daidaiton ya cika, da kowane mataki cikin takwas ya samu ɗigo biyu da rabi. Abin da muka samu shi ne ɗigo 3 a mataki na 1, 8 a na 4, 5 a na 6, da 4 a na 7, sauran matakai huɗun kuma wayam. Ba kuskure muka yi ba. Ɗigo takwas da suka shigo da lamba ɗaya dole su fita da lamba ɗaya, hanyar tana iya matsar da su ko ta haɗa su da wasu, amma ba ta iya raba su. Haka kuma hasken hoton gaba ɗaya ya tashi: matsakaicin lambar ɗigo ya tashi daga 3.55 zuwa 4.65, alhali ba wanda ya nemi a ƙara haske.

Mai lura zai ce har yanzu babu baƙi ƙirin, tun da mafi duhu ya tsaya a 1. Gaskiya ne, shi ya sa wasu manhajoji, ciki har da umarnin `equalizeHist` na OpenCV, suke fara cire tarin jimilla na farko daga sama da ƙasa. A namu misalin za a cire 3: mataki na 3 zai zama 8 a raba da 17 a ninka da 7, wato 3.29, ya koma 3. Idan aka bi sauran haka, sabbin matakan za su kasance 0, 3, 5, 7 da 7. An samu baƙin, amma 5 da 6 sun sake haɗewa. Saboda haka idan amsar ɗalibi ta saɓa da ta kwamfuta da mataki ɗaya, a fara tambayar wace ƙa'ida kowannensu ya bi.

Akwai kuma hoton da wannan hanya ba ta yi masa rana ko kaɗan, kuma shi ne wanda 'yan kasuwa da ma'aikata suka fi ɗauka: rubutu a kan farar takarda, kamar rasit. A ce cikin ɗigo 20, biyu ne kawai tawada, a mataki na 2. Sauran 18 takarda ce, rabi a mataki na 5, rabi a na 6, saboda ɗan inuwar hannun mai ɗaukar hoton. Tarin jimilla zai zama 2, 11 da 20. A ninka da 0.35, a samu 0.7, 3.85 da 7, wato 1, 4 da 7. Tazarar da ke tsakanin tawada da ɓangaren takarda mai inuwa a da matakai uku ce, yanzu ma uku ce, ba a ƙaru da komai ba. Amma inuwar da a da mataki ɗaya ce, wadda ido ba ya ko kula da ita, ta zama matakai uku, ƙarfinta ya yi daidai da na rubutun kansa. Wannan ne ya sa rasit ɗin da aka yi wa `Equalize` yakan fito da dabbare-dabbare kamar an zuba masa ruwan datti.

Ana iya hango wannan matsala tun daga shafin ƙidaya, kafin a taɓa hoton. A nemi matakan da suka fi tara ɗigo, a tambayi kai ko su ne abin da ake son gani. A hoton kaya cikin hazo, yawanci su ne. A rasit kuwa takarda ce zalla. Akwai gyararren salo da ake kira `CLAHE`, wanda ake amfani da shi a hotunan asibiti: yana yanka hoton gida-gida, ya yi wa kowane gida nasa jadawalin, ya kuma sa iyaka ga yawan ɗigon da za a ƙirga wa mataki guda, domin kada masu yawa su yi tsallen da ya wuce kima. Ga rasit dai, abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi mataki ɗaya tsakanin tawada da takarda, a misalinmu 4, duk abin da ke ƙasa da shi a mayar da shi 0, sauran kuma 7.