Yadda Ake Fasa Lamba Guda a Ciro Umarnin Kwamfuta

Ga wata lamba: 5245. Idan ka ajiye ta a ma'adanar wata ƙaramar kwamfuta da ake kira LC-3, na'urar za ta karanta ta a matsayin umarni cikakke: ɗauki abin da ke cikin rajista ta 1, rage uku, ka zuba sakamakon a rajista ta 2. Aikin da za a yi, inda za a ɗauko, inda za a ajiye, da adadin da za a rage, duk suna ƙunshe cikin wannan lamba guda. Koyon yadda ake warware ta na cikin ayyukan farko da ake ba ɗalibai a ɗakin gwaji na darasin tsarin ginin kwamfuta.

LC-3 ba kwamfutar da ake sayarwa a kasuwa ba ce. Malamai biyu ne a Amurka, Yale Patt na Jami'ar Texas da ke Austin da Sanjay Patel na Jami'ar Illinois, suka ƙirƙiro ta a littafinsu domin koyarwa kawai. Dalilin a fili yake. Kwamfutar da ke kan teburinka tana da ɗaruruwan umarnai masu tsawo iri-iri, wanda ya fara da ita zai ɓata tun kafin ya gane hanya. Ita kuwa LC-3 kowane umarninta bit 16 ne, ba ƙari ba ragi, tana da rajista takwas, wato 'yan ƙananan wuraren ajiyar lamba da ke cikin na'urar kanta, masu suna `R0` zuwa `R7`. Abin da ake nema daga ɗalibi shi ne ya rubuta manhaja, galibi da harshen C, wadda za ta kwaikwayi wannan na'ura: ta ɗauko umarni, ta warware shi, ta aiwatar.

Bit shi ne gurbi guda da ba ya ɗaukar komai sai 0 ko 1. Idan aka rubuta 5245 da bit 16, aka rarraba ta yadda masu tsarin suka yanka, ga yadda take:

```
0001  010  001  1  11101
 op   dr   sr1  m  imm5
```

Ana ƙirga gurabun daga dama, a fara da sifili, don haka na ƙarshen hagu shi ne na 15. Guda huɗu na hagu su ne lambar aiki, kuma `0001` na nufin tarawa, `ADD`. Uku na biye suna faɗin rajistar da za a zuba sakamako, wasu ukun kuma rajistar da za a ɗauko. Bit uku sun isa ne domin salo takwas kacal ake iya jera su, daidai da yawan rajistocin. Gurbi na 5 shi ke faɗin yadda za a karanta ragowar: idan 1 ne, biyar ɗin ƙarshe lamba ce da za a yi aiki da ita kai tsaye, idan kuwa 0 ne, ukun ƙarshe sunan wata rajista ce. Masu wannan aiki ba sa son dogon jerin sifili da ɗaya, sai su haɗa bit hurhuɗu su ba kowane rukuni alama guda. Da haka 5245 ta zama `0x147D`.

Matsalar ita ce harshen C ba shi da wani umarni mai cewa "miƙo mini gurbi na 9 zuwa na 11". Lambar dunƙulalliya ce a wurinsa. Amma dabarar ciro yanki daga tsakiyar lamba ɗan firamare ma ya san ta. A ce kana son 7 da ke cikin 4725. Ka raba da 100 ka yar da saura, ka sami 47. Sai ka raba 47 da 10 ka riƙe sauran, ga 7 a hannunka. Mataki na farko ya kawar da abin da ke dama, na biyu ya kawar da abin da ke hagu.

Haka ake yi da bit. Alamar `>>` tana gusar da dukan gurabun zuwa dama, waɗanda suka kai bakin gaɓa su faɗi. Gusar da 5245 sau tara daidai yake da raba ta da 512, abin da ya rage shi ne `0001010`, wato 10. Yankin da muke nema ya sauko ƙarshen dama, sai dai lambar aiki na nan manne a hagunsa. Nan ne alamar `&` take shigowa. Tana jera lambobi biyu gurbi da gurbi, ba ta barin 1 ya wuce sai inda duka biyun suke da 1. Lamba ta biyun tamkar rariya ce: inda ka sa 1 ka huda rami, inda ka sa 0 ka toshe. Rariya mai rami uku ita ce `111`, wato 7. Ka tace 10 da ita, sai `010` ya fito, rajista ta 2.

```c
uint16_t ins = 0x147D;
int op  = (ins >> 12) & 0xF;
int dr  = (ins >> 9)  & 0x7;
int sr1 = (ins >> 6)  & 0x7;
int m   = (ins >> 5)  & 0x1;
int imm = ins & 0x1F;
```

Ƙa'idar ɗaya ce a kowane layi. Yawan gusarwa shi ne lambar gurbin da yankin ya fara daga dama, rariyar kuma jerin ɗaya ne daidai faɗin yankin. Amsoshin su ne 1, 2, 1, 1, sai 29.

Kafin mu zo kan 29, akwai wani kuskure da yake yawan kama masu koyo, kuma yana da wuyar gani. Ɗalibi ya san yankin rajista bit uku ne, sai hannunsa ya rubuta `& 3`. To amma 3 a lissafin bit `11` ce, rami biyu ke nan. Da umarninmu ba abin da zai nuna, domin 2 da 1 duk suna wucewa ta rami biyu lafiya lau. Sai ranar da wani shiri ya taɓa `R6`, na'urar ta rubuta a `R2`, ta shafe abin da ke ciki. Alamar wannan cuta ita ce rajistoci huɗun sama ba sa taɓa canzawa, na ƙasa kuma suna canzawa ba dalili. Shi ya sa nake ganin gwajin da bai taɓa `R7` ba bai gwada komai ba. Wanda yake son ya huta da wannan sai ya bar na'ura ta lissafa masa rariyar da `(1 << w) - 1`, inda `w` yake faɗin yankin, kuma kada ya yar da bakan nan biyu, domin idan babu su C za ta fara yin ragin kafin gusarwar.

Yanzu 29. Mun ce umarnin yana rage uku, to ina uku, ina alamar ragi? Babu gurbin da aka ware wa alamar. Tsarin da kusan dukan kwamfutocin yau suke bi shi ne a ba gurbin ƙarshen hagu nauyi na ragi. A yanki mai bit biyar nauyin gurabun daga dama shi ne 1, 2, 4, 8, sai na biyar ya zama −16 maimakon 16. Don haka `11101` shi ne −16 da 8 da 4 da 1, jimla −3. Yankin yana ɗaukar daga −16 zuwa 15 ne kawai. Amma da muka ciro shi muka ajiye a wuri mai faɗi, sai sifili suka cika hagunsa, gurbin nan ya daina zama na ƙarshe, aka ƙirga shi 16 cur. Daga −16 zuwa 16 tazarar 32 ce, kuma ita ce tazarar da ke tsakanin −3 da 29. Gyaran layi ɗaya ne:

```c
if (imm & 0x10) imm -= 32;
```

Idan gurbi na biyar ɗin a kunne yake, a cire 32. Wasu sun fi son su cika dukan gurabun hagu da 1, abin da yake ba da amsa iri ɗaya a rajista mai bit 16. Wanda ya manta wannan mataki, idan `R1` tana riƙe da 10, zai ga 39 a `R2` inda ya kamata ya ga 7. Duk lissafin ƙari zai fito daidai, na ragi ne kaɗai zai kauce, kuma kullum da 32 yake kaucewa. Malamin da ya saba, da ya ga wannan tazara ba ya buƙatar karanta manhajar ɗalibin kafin ya faɗa masa inda ciwon yake.

A umarnin tsalle abin ya fi muni. `BR` yana da yanki mai bit tara da ke faɗin nisan da za a tsallaka, gaba ko baya, kuma komawa baya ita ce hanyar da shiri yake maimaita aiki. A ce umarnin `0x0FFC` yana zaune a adireshi `0x3005`. Bit taran ƙarshensa −4 ne. Na'urar tana ƙara ɗaya a ma'aunin adireshi tun lokacin da ta ɗauko umarnin, saboda haka daga `0x3006` ake lissafi, a sauka a `0x3002`. Idan ba a gyara alamar ba, −4 ta zama 508, sai a dira a `0x3202`, can gaba da ƙarshen ɗan gajeren shirin. Idan sifili ne zalla a wurin, a LC-3 shi ma umarni ne halattacce, tsalle ne da ba a ɗora masa wani sharaɗin da zai cika ba, don haka ba ya yin komai. Na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ci gaba da taka sifili ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi na zaune yana kallon allo shiru. Maganin shi ne ya sa manhajar ta buga adireshi da yankunan kowane umarni kafin ta aiwatar, ya bi su da ido har layin da adireshin ya yi tsallen da bai dace ba.

Wannan misali ya nuna wani abu kuma. Gurbi na 9 zuwa na 11, waɗanda suke sunan rajista a `ADD`, a `BR` sharuɗɗan tsalle ne. Saboda haka dole a fara ciro lambar aiki, ita za ta faɗi yadda za a yanka sauran.

A cikin na'ura ta gaske babu wani lissafin gusarwa da ake yi domin wannan. Umarnin yana zaune a kan wayoyi 16, sai kawai a ja uku daga ciki zuwa sashen rajistoci, faɗaɗa alamar ragi kuma waya ɗaya ce ake rarrabawa zuwa gurabu da yawa. Wannan ne ya sa masu tsara umarnai suke ƙoƙarin tsayar da kowane yanki a wuri guda. A RISC-V, tsarin da aka fara a Jami'ar California da ke Berkeley a 2010 wanda yanzu ake ƙera shi a zahiri, ainihin umarnan bit 32 ne, rajistocin da ake ɗaukowa ba sa sauya gurbi daga wani fasalin umarni zuwa wani, alamar ragi kuma kullum tana gurbi na 31. Kuɗin da aka biya shi ne lambar nisan tsalle ta warwatse gida huɗu a cikin umarnin. Mai rubuta manhajar kwaikwayonta sai ya ciro kowane gutsure da `>>` da `&`, ya mayar da shi mazauninsa da `<<`, ya haɗe su da `|`, sannan ya gyara alamar.