Shunayyar da ke bin gefen farar shadda a hoto

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan takaicin. Ango ya sha farar shadda, rana ta ƙwalle, hoto ya fito ras a bayan kyamara. Sai an ɗora shi a kwamfuta an ƙara girmansa a ga wani siririn layi mai launin shunayya yana bin kafaɗar babbar riga, ya zagaya hula, ya sauka a hannun riga. Wani lokaci kuma kore ne, ko ja ta wannan gefe da shuɗi-shuɗi ta wancan. Irinsa ne ake gani a rassan bishiya da wayoyin lantarki idan farin sarari na bayansu, da kuma jikin ƙarfe mai ƙyalli.

Asalin abin daga gilashin kyamara yake. Farin haske tarin launuka ne, kamar yadda Isaac Newton ya nuna da gilashi mai kusurwa uku a wajajen 1666, kuma gilashi ba ya karya launukan daidai wa daida: shuɗi ya fi ja lanƙwasa. Saboda haka launukan da suka taso daga ɗigo ɗaya ba sa sake haɗuwa cif a wuri ɗaya. Tun 1758 John Dollond ya yi rajistar dabarar haɗa gilasai iri biyu don rage wannan, kuma har yau ragewa ake yi, ba a kawar da shi gaba ɗaya ba. A inda haske da duhu ba su yi nisa da juna ba, ido ba ya kama shi. Inda fari tas ya yi iyaka da baƙi, nan yake tonuwa.

Abin da nake so mai gyaran hoto ya riƙe shi ne cewa matsalar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A iri na farko, hoton ja da na kore da na shuɗi suna ɗan bambanta a girma, sai su zame wa juna. Alamarsa: tsakiyar hoto fes, amma yayin da kake nufar kusurwoyi launin yana ƙara faɗi, kuma sau da yawa launi ɗaya ne a gefe guda na abu, kishiyarsa a ɗaya gefen. Wannan mai sauƙi ne. A manhajar Lightroom Classic, buɗe Lens Corrections ka sa alama a Remove Chromatic Aberration. Manhajar za ta daidaita girman launukan su hau kan juna, har kaifin hoton ya ɗan ƙaru. Ban ga dalilin barin wannan akwatin a kashe ba. Kyamarori da yawa ma suna yin gyaran da kansu a hoton JPEG, shi ya sa wani kan yi mamakin ganin launin ya ɓullo ranar da ya koma ɗauka da RAW.

Iri na biyu shi ne mai wahalar, kuma shi ne na angonmu. A nan launukan suna saituwa ne a zurfi daban-daban, wani kafin idon kyamara, wani bayansa. Yana iya fitowa ko'ina, har tsakiyar hoto. Galibi abin da ke gaban wurin da aka saita yana ɗaukar shunayya, na bayansa kuma kore. Ya fi tsanani idan an buɗe ƙofar haske sosai, kamar f/1.4 ko f/1.8, kuma farin da ya ƙone yana ƙara masa ƙarfi. Akwatin can ba ya taɓa shi, domin babu abin da ya zame gefe balle a mayar da shi.

Mu ɗauki hoto guda. An ɗauki ango da gilashin 50mm a f/1.8 da tsakar rana, yana tsaye gaban baƙar mota, ƙawayen amarya na gefensa cikin ankon leshi mai launin shunayya. Da farko ka gama gyaran haske, ka sauke Highlights, sannan ka kai girman hoton 100% a kan kafaɗa, don a ƙaramin hoto ba za ka ga abin da kake yi ba. A Lens Corrections shiga Manual, za ka tarar da Defringe, wanda Adobe ta shigo da shi a 2012. Ɗauki alamar tsinken zaɓen launi da ke wurin ka danna a kan layin shunayyar kansa, ba kan farin yadi ba. Manhajar za ta motsa abubuwa biyu: Amount, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 20, da Purple Hue, wanda ke iyakance zangon launin da za a cire, yana farawa a 30/70.

A nan ne ake yawan ɓarna. Defringe ba ya gyara hasken da ya watse, launin kawai yake tsotsewa daga gefunan abubuwa ya bar toka-toka. A kafaɗar farar shadda hakan ba laifi, tunda siririn layin toka tsakanin fari da baƙi ido ba ya ƙin sa. Amma manhajar ba ta san bambancin shunayyar gilashi da ta leshi ba. Ka ja Amount zuwa 20, ka duba ƙawayen amarya: gefen kowane fure na leshin ya koɗe, bakin ɗankwali ya yi toka, wani lokaci har janbaki ya sami da'irar toka. Matar da ta biya kuɗin ankonta za ta gane wannan kafin kai ka gane.

Saboda haka sauke Amount sannu a hankali har layin ya fara dawowa, sannan ka ƙara ɗaya ko biyu ka tsaya. Bayan nan ka matse Purple Hue. Idan ka danne Alt, ko Option a kwamfutar Mac, kana jan sa, wuraren da gyaran ke shafa za su yi baƙi, sai ka ga ko leshin ya shiga ciki. In launin leshin ya yi kusa da na layin har ba sa rabuwa, ɗauki Brush ka shafa kan ƙawayen, ka kai Defringe na wannan shafin zuwa -100. Wannan yana kare wurin daga gyaran da aka yi wa sauran hoton. Koren da ke bayan ango, a ƙarfen mota misali, haka ake bi da shi da Green Hue, sai dai a sa ido kan ganyaye da ciyawa.

Mai aiki da Photoshop yana da wata hanyar da na fi so idan wurin kaɗan ne. Ya kwafi hoton a sabon shafi, ya sa masa Gaussian Blur har layin ya narke cikin launukan da ke kewaye, ya mayar da yanayin haɗin shafin zuwa Color, ya rufe shi duka da baƙin Layer Mask, sannan ya bi kafaɗar kaɗai da farin burushi siriri. Yana cin lokaci, amma leshin ko taɓa shi ba a yi ba.

Akwai iyakar da gyara ba ya ƙetarewa. In layin ya yi kauri, cire launin zai bar ɗan hazo a gefen rigar, kuma zanen shaddar da ya ƙone ya tafi ke nan. Wannan sai a wurin ɗauka ake tare shi. Matse ƙofar haske daga f/1.8 zuwa f/4 yana rage iri na biyu sosai, ko da yake ba ya yi wa na farko komai. Hasken da ke shiga zai ragu kusan ninki biyar, wato 1/4000 ya koma 1/800, wanda ya ishi mai ɗauka a rana. Bayan hoton ba zai narke kamar da ba, gaskiya ne. In ana son narkewar dole, a matsar da ango inuwar rumfa, a rage haske kaɗan don kada farin ya ƙone, a kuma ɗauka da RAW.