Rumfar Baba Ta Zama Kamfani

Rumfar atamfa ce a kasuwar Kantin Kwari, mahaifinsu ya rasu ya bar wa 'ya'ya uku: Yaya babba, ƙaninsa da ƙanwarsu. Da suka je yin rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sai suka raba hannun jari yadda gado ya faɗa: maza kashi 40 kowanne, mace kashi 20.

Yaya ya ɗauka girma ne ke mulki, tunda shi ke riƙe da makullin rumfa. Ya ci gaba da zura hannu a aljihun kamfani yana cefanen gidansa, ba rubutu. Nan rigima ta tashi.

"Yaya, kuɗin nan fa ba naka ba ne, na kamfani ne," in ji ƙanwar.

Gaskiya ta faɗa. A dokar kamfanoni ta 2020, kamfani mutum ne mai zaman kansa, kuma ƙuri'a na bin hannun jari. Ƙanen biyu sun haɗa kashi 60, wanda ya isa su sauke Yaya daga kujerar darakta a babban taro. Sai dai sauya kundin dokokin kamfanin na buƙatar kashi 75, don haka ba su iya taɓa shi sai da yardarsa.

'Yan'uwa, kafin ku sa hannu, ku rubuta albashin mai gudanarwa da wanda zai sa hannu a banki.