Ciniki ake dubawa, ba riba ba: mai shago da harajin VAT

Idan mai shago ya ji an ce sai kasuwanci ya kai naira miliyan 100 a shekara kafin harajin VAT ya hau kansa, abin da zai fara faɗa shi ne, "Ina ni ina miliyan ɗari?" A ransa ribar da yake kaiwa gida yake lissafawa. Ita kuwa doka babu ruwanta da riba a wannan wurin. Abin da take ƙirgawa shi ne jimillar ciniki, wato duk kuɗin kayan da aka sayar daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, kafin a cire uwar kuɗi, hayar shago, albashin yara ko kuɗin man janareto.

A raba miliyan 100 a kan kwanakin kasuwa, a ce kwana 312 idan ana hutun yini ɗaya a mako, za a ga abin bai wuce cinikin naira dubu 320 da 'yan kai a rana ba. Mai sayar da siminti da fenti da kwanon rufi a bakin titi yana iya yin wannan cinikin kafin azahar, ko da ribar da ke kan kowane buhu ba ta taka kara ta karya ba. Tela ko mai aski, wanda yawancin abin da ya shigo hannunsa nasa ne, zai daɗe bai kusanci iyakar ba. Shi ya sa wanda ke juya kaya masu tsada da ƙaramar riba ya fi kowa saurin tsallakawa bai sani ba.

An fara karɓar wannan haraji a Najeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, kuma shekara da shekaru doka ba ta ware ƙananan 'yan kasuwa ba. Dokar kuɗi ta 2019 ce ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020, ta kuma sa iyakar naira miliyan 25 a shekara. Da darajar naira ta faɗi, wannan iyaka ta koma cinikin kusan dubu 80 a rana, abin da shagon kayan masarufi na cikin unguwa ke yi. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun kai iyakar miliyan 100, da sharaɗin kadarorin kasuwancin, kamar gini da injuna da motoci, ba su haura naira miliyan 250 ba. Masu aikin ƙwararru irin lauyoyi da akantoci ba sa cikin wannan sassauci. Hukumar da aka sani da FIRS ita ma ta koma NRS. A lura, wannan harajin tarayya ne. Rasit ɗin da ma'aikatan ƙaramar hukuma ko na hukumar harajin jiha suka yanka wa mutum a bakin shago wani abu ne dabam, ba ya biya masa wannan.

Wanda ke ƙasa da iyaka ba a ɗora masa karɓar harajin daga masu saye ba, ba a kuma nemi ya riƙa kai rahoton wata-wata ba. Amma lambar shaidar biyan haraji tana nan a kansa kamar kowane ɗan kasuwa, kuma ana haɗa ta da lambar katin ɗan ƙasa, ko lambar rajistar kamfani ga wanda ya yi rajista da hukumar CAC. Sannan sassaucin yana da nasa farashin. Idan ya sari sabulu ko lemon kwalba daga kamfani, an riga an ɗora masa kashi 7.5 a takardar kaya, kuma ba shi da hanyar da zai nemi a cire masa. Sai dai ya zuba shi cikin kuɗin kaya. Kada kuma ya yi kuskuren rubuta VAT a rasit ɗinsa ya karɓa alhali ba ya kai wa hukuma. Kuɗin gwamnati ne ya riƙe.

To, a ce wani mai kayan gini a Kano ya tsallake iyaka, ya yi rajista. A watan Maris ya sari kaya na naira miliyan 8, dilolinsa suka ɗora masa harajin dubu 600. A watan ya sayar da kaya na miliyan 9, ya karɓi dubu 675 daga masu saye a kan farashin. Abin da zai kai wa hukuma shi ne bambancin, wato dubu 75, tunda dubu 600 ɗin ya riga ya biya ta hannun diloli. Amma ba a cire masa ko sisi sai da takardar kaya da ta nuna harajin a fili, daga mai sayarwa mai rajista. A nan ne cinikin amana na kasuwanninmu ke cutar da mutum: an yi waya, an turo kaya a mota, an tura kuɗi ta banki, babu takarda. Idan rabin sarin nan haka aka yi shi, dubu 300 kawai za a cire masa, ya wayi gari ana bin sa dubu 375.

Akwai kuma kuskuren lissafi da ke yawan faruwa idan an haɗe haraji cikin farashi. Bokitin fenti da aka sayar naira 10,750 gaba ɗaya, harajinsa 750 ne, kuɗin kaya 10,000. Wanda ya sake ɗaukar kashi 7.5 na 10,750 zai biya sama da 806, daga aljihunsa. Kayan abinci na yau da kullum kamar hatsi, da magunguna da littattafan karatu, ba a ɗora wa mai saye komai a kansu, don haka shagon da ke haɗa su da sauran kaya dole ya raba su a littafinsa.

Rahoto kuwa kowane wata ne, ba sau ɗaya a shekara ba kamar na harajin kuɗin shiga. Cinikin Maris, a kai rahotonsa da kuɗinsa daga nan zuwa 21 ga Afrilu. Na Afrilu zuwa 21 ga Mayu, haka har shekara ta zagayo. Ta intanet ake cikewa, tun da hukumar ta fito da shafin TaxPro Max a 2021. Ko an kulle shago wata guda saboda aikin Hajji ko rashin lafiya, sai an shigar da rahoton cewa ba a yi ciniki ba. A sabuwar doka tarar rashin kai rahoto naira dubu 100 ce a watan farko, sannan dubu 50 a kowane watan da ya biyo baya. Mai kayan ginin nan da ake bin sa dubu 75 kacal, idan ya yi sakaci da rahoton Maris har wata uku, tara kaɗai ta kai dubu 200, ban da kuɗin ruwan da ke hawa kan harajin da bai biya ba.

Doka ta bar wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofa: yana iya rubuta wa hukuma cewa ya yafe sassaucin, yana so ya shiga tsarin. A ganina wannan ya dace da wanda ke kai wa kamfanoni kaya, domin su suna son takarda mai haraji da za su cire nasu da ita. Wanda masu sayensa mutanen unguwa ne, shiga ba za ta ƙara masa komai ba sai tsadar kaya da rahoto goma sha biyu a shekara. Abin da ya fi buƙata shi ne littafin ciniki na kullum, a haɗa da na'urar POS da kuɗin da ke shiga asusun banki, a tara jimilla ƙarshen kowane wata. Idan cinikin wata ya fara wuce miliyan 8 a kai a kai, lokacin zuwa ofishin hukuma ya yi.